Kashi 10 ya sha kashi a hannun kashi 4: me manhajar take ƙirgawa?

Tambaya: Malam, ina da bidiyo biyu a YouTube. Na farko CTR ɗinsa kashi 10 cikin 100 ne, na biyu kashi 4 kacal. Amma na biyun ake ta turawa mutane, na farkon ya tsaya cak. Ko danne ni ake yi?

Amsa: Ɗan'uwa, babu mai danne ka. Wannan zargi yana zuwa mini a wasiƙu har ya ishe ni, kuma kusan kullum daga mutanen da suka maƙale wa lamba ɗaya suka rufe ido ga sauran. CTR yana gaya maka mutum nawa ne suka latsa bayan sun ga hoton bangon bidiyonka. Bai ce komai ba game da abin da ya biyo bayan latsawar.

Ka tsaya a matsayin manhajar. Mutum ya buɗe wayarsa, guraben da ke fuskar allo kaɗan ne, bidiyoyin da ke neman gurbin kuwa ba su ƙirguwa. Duk lokacin da ta nuna hotonka, ta hana wani wannan gurbin. To abin da take son sani shi ne: a kan kowace nunawa guda, sakan nawa na kallo zan samu? Lissafin ba shi da wuya:

```
CTR × Average view duration
```

Wato CTR sau matsakaicin tsawon kallo. Ba ka aiko mini da tsawon kallonka ba, don haka bari in ɗora misali a kan lambobinka. A ce an nuna kowane bidiyo sau 10,000. Na farko ya samu latsawa 1,000, amma mutane suna ficewa bayan sakan 40. Jimilla sakan 40,000 ke nan, wato sakan 4 a kowace nunawa. Na biyu latsawa 400 kawai ya samu, sai dai duk wanda ya shiga yana zama minti 5, sakan 300. Jimilla sakan 120,000, wato sakan 12 a kowace nunawa. Wanda kake yi wa kallon rago ya ninka gwarzonka sau uku. Da kai ne mai gurbin, wa za ka ba?

Dalilin haɗa ma'aunan biyu shi ne kowannensu shi kaɗai yana da sauƙin yaudara. In latsawa kaɗai ake ƙirgawa, mai hoton ƙarya da kanun ban tsoro ne zai cinye, ko da kowa na ficewa cikin takaici. In kuma tsawon kallo kaɗai ake dubawa, bidiyon da mutum biyar masu tsananin sha'awa suka kalla har ƙarshe zai hau sama, alhali dubbai sun gan shi sun wuce. Da aka ninka su, kowanne ya zama mai gadin ɗan'uwansa. Hoton da ya yi alkawarin da bidiyo bai cika ba yana ɗaga lamba ta farko, ya karya ta biyu, sakamakon ya zube.

Wannan ba hasashena ba ne. Tun a 2012 YouTube ta sanar cewa ta mayar da hankali kan lokacin kallo maimakon yawan latsawa. A 2016 injiniyoyin Google uku, Paul Covington da Jay Adams da Emre Sargin, suka wallafa takarda kan yadda ake jera bidiyoyin da ake ba mutane shawara. A ciki sun bayyana cewa jerin yana dogara ne a kan lokacin kallon da ake sa ran samu daga kowace nunawa, domin jerawa da yawan latsawa na ɗaga bidiyoyin yaudara waɗanda ba a kallonsu zuwa ƙarshe. Ka lura da "ake sa ran". Manhajar tana yin kintace ne ga mutum ɗaya a lokaci ɗaya, bisa abin da ya saba kallo. Shi ya sa bidiyo guda zai iya zama na farko a wayar wani, a wayar wani kuma ko ƙyallinsa ba a gani.

Wani abin da ke ƙona mini rai shi ne masu firgita don CTR ya sauka, su yi ta sauya hoto sau uku a yini. Idan bidiyo ya fara yaɗuwa, ana nuna shi ga baƙin da ba su san ka ba, kuma baƙo bai kai mabiyinka saurin latsawa ba. Saboda haka saukar CTR tare da hauhawar `Impressions`, wato yawan nunawa, sau da yawa alamar tafiya ce. YouTube da kanta ta ce rabin tashoshi da bidiyoyi suna tsakanin kashi 2 zuwa 10. Kashi 4 ɗinka ba ciwo ba ne.

Ciwon yana bidiyo na farko. Buɗe jadawalin `Audience retention`, mai nuna inda masu kallo ke ficewa, ka dubi sakan 30 na farko. In layin ya faɗi kamar an tunkuɗa shi, ko dai hoton ya yi alkawarin abin da babu, ko kuma ka ɓata farkon da gaisuwa da roƙon a bi tasharka. Abin da ka nuna a hoto, ka fara da shi.

Ni dai al'adata, kuma ina so ta zama taka: kwana bakwai bayan sakin kowane bidiyo, ka rubuta sakan nawa ya samu a kowace nunawa, ka kwatanta da bidiyoyinka masu irin tsawonsa. Da naka, ba da na maƙwabci ba.

Tambaya: Na raba jimillar lokacin kallo da Impressions, sai na samu lamba mai girman da ban yarda da ita ba.

Amsa: Kin yi daidai da ba ki yarda ba. Jimillar ta haɗa da waɗanda suka shigo ta mahaɗin da aka tura musu daga waje, su kuwa ba a ƙirga musu nunawa ba. Yi amfani da `Watch time from impressions` a YouTube Studio.

Tambaya: Tunda lokacin kallo ake so, in mayar da bidiyona na minti 6 ya zama minti 20?

Amsa: Gaskiya ne ma'aunin yana ɗan karkata ga dogon bidiyo, domin wanda ya kalli kashi 30 cikin 100 na minti 20 ya ba da minti 6, wanda ya kalli rabin minti 6 kuwa minti 3 ya bayar. Amma wannan sai in akwai abin faɗi na minti 20. In ka ja zance, mutane za su fice da wuri, kuma gobe su ƙi latsa naka. Sannan lokacin kallo ba shi kaɗai ne alƙali ba yanzu. YouTube tana aika wa masu kallo tambayoyin gamsuwa, tana kuma lura da masu danna `Not interested`. Mutum na iya zuba wa abu ido minti goma ya tashi yana da-na-sani, kuma manhajar tana ƙoƙarin gane hakan.

Tambaya: Hotuna biyu nake da su, na kasa zaɓa.

Amsa: Saka su duka a `Test & Compare` da ke YouTube Studio. Da kason lokacin kallo yake fitar da gwani, ba da yawan latsawa ba. Kuma ka bar shi ya gama gwajin kafin ka taɓa komai.