Wace "kyau" Alhaji yake nufi?

Maigida, a wasiƙar da na fassara wa Alhaji zuwa Faransanci jiya na rubuta "ce bazin est plus bon que l'autre", ka ja layi a kai ka sa meilleur. To ai plus grand da plus cher duk ka bar su. Me ya sa bon kaɗai ba ta karɓar plus? Kuma yaushe ne ake cewa mieux?

Ɗana, jawo kujera. Mu a Hausa da aikatau muke gwada abu da abu: wannan ya fi wancan tsada, bai kai shi tsada ba, ko kuwa ya kai shi. Bafaranshe ba ya taɓa aikatau ɗinsa, sai ya ajiye 'yar kalma ɗaya gaban siffa, ya biyo da que. Inda ka ce "ya fi" sai ya ce plus, inda ka ce "bai kai ba" ya ce moins, inda ka ce "ya kai" ko "daidai suke" ya ce aussi. Shi ke nan plus cher que, moins cher que, aussi cher que. In mutum ne ya biyo bayan que, ka sa moi, toi, lui, kada ka sa je ko il: il est plus grand que moi. Wannan ka riga ka iya, ba zan tsaya a kai ba.

Ita bon gadon gida ta ci. Faransanci daga Latin ya fito, kuma a Latin ba a gina "mafi kyau" daga kalmar "mai kyau". Mai kyau bonus ne, wanda ya fi shi kuwa melior, wata kalma ce dabam da tushenta dabam. Bonus ya zama bon, melior ya zama meilleur, suka iso tare har yau. Sauran siffofi kusan duka sun yar da tsohon salon sun koma amfani da plus, amma kalmar da ake faɗa safe da yamma ba ta saurin canza riga, sai ta tsira. Ka ga ke nan "fi" tana cikin cikin meilleur tun asali. Mu ma muna da irinta: in ka ce "gara wannan", ka riga ka gwada ka zaɓa, ba wanda zai ce "ya fi gara". Shi ya sa plus meilleur ta fi plus bon muni a kunne, don an ɗora fifiko a kan fifiko. In kana son ƙarfafawa, wato ya fi shi nesa ba kusa ba, sai ka ce bien meilleur.

Amma kada ka zarce. Hawa kaɗai meilleur ta gada, ba ta gaji sauka ba. Moins bon daidai ne, aussi bon ma daidai ne. Na sha ganin yaran da aka tsawatar wa kan plus bon sun tsorata har suna rubuta moins meilleur, abin da babu shi. Kuma akwai inda plus da bon ke zama jimla ɗaya ba faɗa, muddin plus ba a jikin bon take ba: plus le thé est chaud, plus il est bon, wato gwargwadon zafin shayi gwargwadon daɗinsa.

Yanzu ɗauko takardar jiya mu bi maganar Alhaji yadda ya faɗe ta. Cewa ya yi: "Wannan shaddar ta fi waccan kyau, amma ba ta kai ta faɗi ba, kuɗinsu kuwa ɗaya. Duk shagon nan babu kamarta, kuma ta fi fita."

Kafin ka ɗora alƙalami, akwai tambayar da ba ka yi masa ba, kuma ta fi kuskuren da na ja wa layi haɗari. Kalmar "kyau" tamu guda ɗaya ce, amma a Faransanci gida uku take shiga. In kyan gani yake nufi, sheƙi da zane, to beau ce, kuma ita tana karɓar plus lafiya lau: plus beau. In inganci yake nufi, ƙarfin zare da jure wanki, bon ce, sai ta zama meilleur. In kuwa yadda ake yin wani abu ne ya fi kyau, ɗinki ko aiki ko magana, bien ce, sai ta zama mieux. Plus bon kowa zai gane ka ya yi murmushi ya wuce. Amma in ka sa plus beau inda ake nufin meilleur, jimlarka ba ta da aibi ko ɗaya a nahawu, sai dai ta faɗi abin da mai kaya bai faɗa ba. Ni ya taɓa faruwa da ni ina sabon shiga a nan Maraɗi. Wani ɗan kasuwa ya ce a rubuta wa mai aiko masa kaya daga Kwatano ya turo wanda ya fi kyau, na rubuta le plus beau, aka turo masa yadi mai walƙiya wanda wanki biyu ya kashe. Ranar na sha magana har na ƙoshi.

Alhaji na ga yana murza bakin shaddar da yatsa biyu sa'ad da yake magana, saboda haka inganci yake nufi. Sai mu rubuta: ce bazin-ci est meilleur que celui-là, mais il est moins large, et il est aussi cher. Lura bazin namiji ne a wurinsu ko da yake shadda mace ce a wurinmu, to kada jinsin Hausa ya ja hannunka. Meilleur siffa ce, tana bin jinsi da adadin abin da take siffantawa: cette qualité est meilleure, ces pagnes sont meilleurs.

"Babu kamarta duk shagon" shi ne ƙololuwa, wadda ta fi kowa. Nan le, la ko les kawai za ka ƙara a gaba: c'est le meilleur du magasin. Dubi du ɗin nan da kyau. Bakinka na Hausa zai so ya ce "a cikin shago" ya kai ka ga dans, amma de ake sawa: le plus grand de la ville, la moins chère du marché. In siffar bayan suna take zama, sai le ta fito sau biyu: le bazin le plus cher.

Saura "ta fi fita". Nan ba shaddar ake siffantawa ba, sayuwarta ake magana, wato aikatau. Da ba gwadawa ake ba, il se vend bien za ka ce, don haka da gwadawa sai il se vend mieux. Ita ma daga Latin take, daga melius, kuma ba ta ɗaukar e ko s ko da wa take tafiya. Dabarar da nake yi har gobe ita ce in cire gwadawar in ji abin da ya rage. In bon ya rage, meilleur. In bien ya rage, mieux. Gwada da telan Alhaji: il coud bien, saboda haka il coud mieux que moi, c'est un bon tailleur, saboda haka c'est un meilleur tailleur.

Akwai layi ɗaya a ƙasan takardar da ban taɓa ba don in ga ko za ka gano da kanka. Alhaji ya ce yana son bandir daidai yawan na wancan karon, ka rubuta aussi de pièces. Aussi da siffa take tafiya. In yawan abu ake gwadawa, plus de da moins de suna nan yadda suke, amma aussi sai ta koma autant: autant de pièces que la dernière fois. Gyara wannan, ka sake kwafe wasiƙar a sabuwar takarda, ka kai masa kafin la'asar, don ya ce yau motar za ta tashi.