Kafin ki tura saƙon cikar Baba saba'in

*Gwaggo, ina wuni. Baba zai cika shekara 70 ranar 1 ga Janairu, 2027. Ina so in buɗe gurup a WhatsApp in sa duk ƴan gida, in rubuta cewa kowa ya turo bidiyon minti ɗaya yana taya shi murna, da sefa dubu 10, kuma kada a bari ya sani sai ranar. Wannan ya dace da al'adarmu? Ina tsoron kada Baba ya ji babu daɗi.*

Ƴata, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika tambaya kafin ki taɓa wayar. Niyyarki mai kyau ce, kuma abin zai yiwu. Sai dai saƙon nan shi ne aikin ƙarshe, akwai ƙofofin da za ki ƙwanƙwasa kafin ki kai gare shi.

Ki fara sanin cewa ranar da kika gani a katin Yaya, wato mahaifinki, ranar takarda ce. A zamanin da aka haife mu ba kowa ake kaiwa a rubuta ba. Sai yaro ya isa shiga lakwal ko neman kati, a dube shi a ƙiyasta, a rubuta an haife shi wajajen shekara kaza, da yawa kuma a manna musu 1 ga Janairu. Ki duba katin tsofaffin unguwarmu a nan Garwa, za ki sha mamakin yawan masu wannan ranar. Abin da Inna, Allah ya jiƙanta, ta faɗa mana shi ne da damina ta haife shi, gero ya fara fitar da kai, kuma an riga an yaye shi lokacin da ƙasar nan ta samu ƴancin kai a 1960. To 1957 ɗin ta yi daidai, ranar ce babu tabbas. Kuma shi da watan Musulunci yake lissafi, wanda shekararsa ta gaza ta Bature da kwana 11 ko kusa da haka. A wurinsa ya haura 71. Saboda haka kada ki rubuta "ranar haihuwar Baba". Ki rubuta "Baba ya kai saba'in a takarda", wannan ba wanda zai yi miki gardama a kai, har shi kansa.

Ranar ta faɗo Juma'a, ga hutun sabuwar shekara, kuma azumi bai kama ba tukuna. Ki riƙe ta.

Batun ɓoye masa ki ajiye shi gaba ɗaya. Mahaifinki mai gida ne, ba a tara mutane a ƙofarsa bai sani ba. Ki yi tunanin ya dawo daga masallaci ya tarar da jikoki da surukai cike da tsakar gida, bai tanadi ko goro ba, bai sanar da maƙwabcinsa ba. Zai yi murmushi don kada ya kunyata ku, amma ni da na san shi na san abin zai tsaya masa a rai. Bayan haka kin san malamai sun saɓa a kan bikin zagayowar haihuwa. Akwai masu cewa koyi ne da baƙuwar al'ada, akwai masu cewa idan godiya ce da sadaka babu laifi. A gidan nan ma akwai masu wannan ra'ayin da masu wancan, kuma ba a gurup za ku raba gardamar ba. Wanda zai yanke shi ne mai shekarun. Hanyar kai masa maganar ita ce Babban Yayanku, ko amininsa da suke zama a zaure bayan la'asar. A ce masa yara suna so su taru su yi wa Allah godiya da ya ja kwanansa, su yi masa addu'a, su ciyar. Idan ya ce a yi, shi ke nan. Idan ya ce addu'a kawai yake so ba taro, a yi addu'ar. Ina kyautata zaton zai yarda, don na sha jin yana ambaton hadisin nan da ke cewa shekarun al'ummar Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, tsakanin 60 da 70 suke, kaɗan ne ke wucewa. Mutumin da yake ganin kansa cikin kaɗan ɗin nan ba zai ƙi a taya shi godiya ba.

Yanzu wa zai tura saƙon? Ke ce ta tara a cikin ku 14, kuma ɗaki biyu ne. Idan saƙon ya fito daga wayarki, da lambarki ta karɓar kuɗi, ƴan ɗakin Hajiya Babba za su karanta shi a matsayin shirin ɗakinku da aka gayyace su. Ba wanda zai faɗa. Za ki gane ne idan kika ga an karanta an yi shiru, ko an manna miki hoton hannu ana addu'a ba kalma ko ɗaya, sai kuma ki ji an buɗe wani gurup ɗin a gefe. Don haka ki rubuta, ki miƙa wa Babban Yaya ya tura da sunansa. Masu riƙe gurup su zama biyu, ɗaya daga kowane ɗaki. Aikin naki ne, kowa zai sani, ladan ma naki ne.

Iyayenku mata kuwa ba a sanar da su ta gurup. A kira Hajiya Babba tukuna, sannan mahaifiyarki, a rana ɗaya, kada ɗaya ta kwana da labarin da ɗayar ba ta ji ba. Mu ƙannensa ma kira za a yi, Baffanku na Ngaundere da ni. Surukai kada ki zuba su ciki. Mijin yayarki ko haɗa ido da Yaya ba ya yi, a tsugune yake gaishe shi, ta yaya za ki ce ya kalli waya ya yi masa jawabi? Kowace ta isar wa mijinta, shi zai san yadda zai zo da gaisuwarsa da abin hannunsa. Gurup ɗin na ƴaƴa ne da jikokin da suka mallaki hankalinsu.

Abin da za ki roƙa a turo shi ne inda na fi so ki natsu. Ki nemi saƙon murya. Bidiyo ki bar wa ƙananan jikoki, su ne za su yi karatun da suka haddace ko su tsokane shi da wasan jika da kaka, ya yi dariya. Manya kuwa, musamman matan aure, ba kowace za ta so hotonta yana yawo ba, kuma wanda ke ƙauye da sabis ɗin da ke zuwa yana ɗaukewa zai iya kwana yana fama bidiyo bai tafi ba, murya kuwa nan da nan take wucewa. Idon Yaya ma ya yi rauni, kunnensa ne garau, mutumin rediyo ne tun yana saurayi. Ki ce a yi da Hausa, wanda bakinsa ya fi sakewa da Fillanci ya yi da shi. Ƴan Yawunde da Duwala da Faransanci ya kama harshensu su daure, ko gaisuwa da addu'a ce su yi ta da harshen gida.

Kada ki ce "a taya shi murna" ki tsaya nan, don abin da za ki samu shi ne murya 30 duk suna maimaita jimla ɗaya. Ki ce kowa ya gaishe shi yadda ya saba, ya faɗi ko shi wane ne, ya ambaci abu guda da Baba ya yi masa wanda bai manta ba, ya rufe da addu'a. Yayarki ta Kusiri, misali, ta tuna masa shekarar da ya sayar da kekensa ya biya mata kuɗin jarrabawa. Irin wannan ne zai sa ya sunkuyar da kai yana goge ido da bakin rawani. A ja kunnen yara kada wani ya kama sunansa na yanka, ko a rubuce ko a baki. Jikan da aka yi masa takwara ma da sunan da ake kiransa a gida zai gabatar da kansa. Kuma kada ki matsa wa Babban Yaya ya yi dogon bayani. Ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninsu, uban ko sunansa ba ya faɗa. Idan ya ce "Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa a gama lafiya" ya yi shiru, ya faɗi duk abin da ke ransa.

Muryoyin a tura wa mutum ɗaya a keɓe, kada a zuba a gurup. In an zuba, na baya zai kwaikwayi na gaba, mai kunya kuma zai fasa. Wanda ya tattara ya jera su daga babba zuwa ƙarami bisa haihuwa, ba ɗaki-ɗaki ba.

Kuɗi kuma ki cire adadi. Dubu 10 a wurin yayanki mai shago a babbar kasuwa ba komai ba ne, amma autanku da ke karatu a Jami'ar Marwa kuɗin cefanensa ne na kwanaki. Kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, ta Orange Money ko ta MTN, ga mutum ɗaya da aka yarda da shi. Kada a liƙa jerin sunaye da abin da kowa ya bayar. A faɗi jimla, a faɗi inda ta tafi.

Ga yadda nake ganin saƙon zai kasance:

"Assalamu alaikum. Ƴan'uwa, bana Baba ya kai shekara 70 a takarda. Mun nemi izininsa, ya amince mu taru mu gode wa Allah ranar Juma'a 1 ga Janairu, bayan an sauko daga masallaci, a gida. Iyayenmu mata da Baffa da Gwaggo duk sun sani. Muna roƙon kowa, na kusa da na nesa, ya yi saƙon murya da bai wuce minti ɗaya ba, da Hausa ko Fillanci: gaisuwa, abu guda na alherin Baba da kake tunawa, da addu'a. A tura wa ƙanwarmu a keɓe kafin Juma'a 25 ga Disamba. Mai son sa hannu a abincin sadaka ya tuntuɓe ni, gwargwadon hali. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da imani, ya jiƙan magabatanmu."

Na ba da mako guda tsakani ne don dole a samu masu jinkiri, kuma waɗannan kira za ki bi su da shi ɗaya bayan ɗaya, kada ki ambaci sunansu a gurup.

Ranar kuma kada a kunna masa a gaban jama'a. A bari malamai su yi addu'a, a ci abinci, a fitar wa almajirai da maƙwabta nasu, baƙi su watse. Bayan isha'i, a ɗakinsa, da iyalinsa kaɗai, a sa masa a ƙaramar sifika. Idan ya gaji a tsaya, a ƙarasa washegari. Ɗan'uwanku na Madina da yake son kira kai tsaye ya tuna suna gabanmu da awa biyu, na Injamena da na Yola kuwa agogonmu ɗaya.

Kek ɗin da na ji kina tunani, in jikoki suna so a yanka musu a cikin gida, ba kyandir. Shi dai ki sa a dama masa fura mai kyau da kindirmo. Ki kira Babban Yaya yau bayan magariba, ya fi sakewa a lokacin, in kun gama ki sanar da ni abin da ya ce. Ki gaida maigidan naki da yaran.