Sukarina daidai yake, me ya sa aka ba ni maganin masu ciwon sukari don al'adata ta dawo?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 27, shekara uku da aure, ban taɓa samun ciki ba. Bara gaba ɗaya sau huɗu na ga al'ada. Na yi sikanin, an rubuta PCOS a takardar. Nauyina kilo 82, bayan wuyana ya yi baƙi, kuma gashi ya fara fito mini a haɓa. Likitan ya rubuta mini metfomin, da na je kemis aka ce maganin masu ciwon sukari ne, alhali an gwada sukarina an ce lafiya lau, sai na ajiye shi. Surukata kuma ta ce jinin ne yake taruwa a cikina shi ya sa nake ƙiba. Ina jinin yake tafiya, kuma mene ne haɗin wannan da sukari?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. PCOS ɗin da aka rubuta miki lalura ce ta rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita a kan lokaci. Babu wani jini da yake taruwa a cikinki, kuma likitan nan bai yi kuskure ba. Laifinsa ɗaya, bai zauna ya yi miki bayani ba.

Jinin al'ada ba ajiyayye ba ne a wani wuri yana jiran ranar fita. Shimfiɗar cikin mahaifa ce take saɓulewa, kuma ba ta saɓulewa a kan lokaci sai in ƙwai ya fita. A wata mai lafiya, ƙananan jakunkunan ƙwai da yawa ne suke fara girma tare, sai ɗaya ta yi wa sauran zarra, ta kai wajen santimita biyu, ta fashe ta saki ƙwan. Ɓawon da ta bari a baya shi yake fitar da sinadarin furojestaron na kimanin kwana 14. In ciki bai shiga ba, sinadarin ya sauka, saukarsa ce take sa shimfiɗar ta zubo. To in ƙwai bai fita ba, furojestaron ba ya hawa, abin da bai hau ba kuwa ba ya sauka, sai mahaifa ta zauna shiru wata biyu, wata uku. Al'ada huɗu a shekara na nufin jikinki yana ɗaukar kusan kwana 90 kafin ya kammala abin da ya kamata ya kammala tsakanin kwana 21 zuwa 35.

Abin da mai sikanin ya gani a gidan ƙwanki, waɗannan ƙananan ɗigo-ɗigon baƙaƙe da suka jeru a gefe kamar carbi, su ne jakunkunan da suka fara girma suka tsaya a milimita 2 zuwa 9. Ba ƙari ba ne, ba maruru ba ne, ba a yi musu tiyata, ba sa fashewa su kashe mutum. Ina faɗin haka ne don mata da yawa suna shigowa ofishina a firgice, an ce musu suna da “ƙulli” a mara. Sunan ciwon, PCOS, wanda ke nufin gidan ƙwai mai ƙulli-ƙulli da yawa, shi ne ya yaudari mutane tun asali.

Abin tambaya shi ne me ya tsayar da su. Nan insulin yake shigowa.

Insulin sinadari ne da wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi take fitarwa duk lokacin da kika ci abinci. Aikinsa ya shigar da sukarin da ke yawo a jini cikin tsoka da sauran sassan jiki don su yi amfani da shi. A jikin mata da yawa masu wannan lalura, tsoka ba ta jin kiran insulin da wuri, kamar mai nauyin barci da sai an yi ta buga masa ƙofa. Jiki kuma ba ya haƙura, sai ya ninka insulin ɗin har sukarin ya shiga. Shi ya sa aka gwada sukarinki aka ga daidai. Sakamakon gaskiya ne, amma bai nuna miki irin wahalar da jiki ya sha kafin ya daidaita shi ba. Mutum yana iya yin shekaru a haka, sukari lafiya lau, insulin kuwa ya yi yawa.

Matsalar ita ce gidan ƙwai bai kurumce kamar tsoka ba, yana jin insulin sarai. Idan insulin ya yi yawa, sai ya haɗu da sinadarin LH da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa su tunzura gidan ƙwai ya riƙa fitar da sinadarin maza fiye da kima. Kowace mace tana da shi kaɗan, wannan ba sabon abu ba ne. Ana cikin haka kuma, insulin ɗin nan ya je hanta ya rage wani furotin da aikinsa shi ne ya ɗaure sinadarin mazan a cikin jini. An ƙara yawansa, an kuma kwance masa igiya. A fata sai ya fito da kuraje da gashin haɓa, a gidan ƙwai kuwa ya hana kowace jaka kaiwa girman da za ta fashe. Gashin da kike tsigewa da al'adar da kike jira, tushensu ɗaya.

Baƙin wuyan nan ma shaida ne. Ki shafa wurin, za ki ji fatar ta ɗan yi kauri da laushi kamar karan-miski, kuma sau da yawa akwai irinsa a hammata da matsematsi. Yawan insulin ne yake sa fatar wuraren lanƙwasa ta yi haka. Ba dauɗa ba ce, soso ba ya fitar da ita, kuma don Allah kada ki kai mata man bilicin, fatar kawai zai lalata miki.

Ba kowace mai PCOS ce take da ƙiba ba, akwai sirara da ke fama da shi, wasunsu ma da matsalar insulin ɗin. Sai dai kitsen ciki yana ƙara kurumtar da tsoka, insulin ya ƙara hawa, yawan insulin kuma yana sa jiki ajiye kitse. Ƙibarki daga nan take. Abin da surukarki ta lura da shi gaskiya ne, ƙiba da ɗaukewar al'ada tare suka zo, fassarar ce ta kauce.

Akwai wani abu da nake so ki tabbatar an yi miki. Sikanin shi kaɗai ba ya yanke hukunci, don mata da yawa masu lafiya gidan ƙwansu yana da wannan kama. Ƙa'idar da aka tsayar a taron Rotterdam a 2003 ita ce a samu biyu cikin uku: al'ada mai nisa, alamar yawan sinadarin maza, da hoton sikanin. Ke kin cika ukun. Amma sai an kore abubuwan da ke kwaikwayonsa, wato a yi gwajin ciki tukuna, sannan a duba TSH, gwajin aikin gaɓar maƙogwaro da ke kawo maƙoƙo, da kuma sinadarin nono. In kuma kin taɓa shan ƙwayoyin sa ƙiba irin su “sha ka fashe”, ki gaya wa likita ba tare da kunya ba, don suna dagula sukari da al'ada. Gwajin sukarin da aka yi miki kuma, in na jinin yatsa ne kawai, bai wadatar ba. Wanda ya fi dacewa da ke shi ne ki je da safe ba ki ci komai ba, a ɗebi jini, ki sha gulukos giram 75, a sake ɗiba bayan awa biyu. A sakamakon awa biyun, da ma'aunin mmol/L, ƙasa da 7.8 lafiya ne, daga 7.8 zuwa 11.0 ana bakin ƙofar ciwon sukari, 11.1 zuwa sama kuwa an shiga.

Sai mu dawo kan maganin da kika ajiye. Metfomin yana rage sukarin da hanta ke zubowa cikin jini, yana kuma taimaka wa jiki ya ji insulin, sai buƙatar ninka shi ta ragu. Shi kaɗai ba ya faɗar da sukarin mai lafiya ƙasa har ta suma, wannan tsoron ki cire shi. Inda yake ba mutane haushi shi ne ciki: tashin zuciya, kumburi, gudawa a makonnin farko. Shi ya sa ake farawa da miligiram 500 sau ɗaya tare da abincin dare, a riƙa ƙarawa a hankali mako-mako har a kai abin da likita ya tsara, galibi 1,500 zuwa 2,000 a rana. Wadda ta fara da uku a ranar farko ita ce take jefar da shi a rana ta uku. Ki ba shi wata uku zuwa shida kafin ki ce bai yi ba.

Amma ni a ganina abin da zai fi yi miki aiki yana cikin lissafin nan. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi yana dawo wa mata da yawa da fitar ƙwai. A kilo 82, wannan kilo 4 ne zuwa 8. Ba a ce ki koma yadda kike ranar ɗaurin aure ba. In kin sauko 77 ko 76 cikin wata shida, kin yi abin da ake nema. Wurin farawa shi ne abin sha, don nan sukari ya fi saurin shiga jini: lemon kwalba, zoɓo mai zaƙi, shayi da cokali uku, kunu da fura da aka cika wa sukari. Malmalar tuwo biyu ta koma ɗaya, miya da ganye su yi yawa, wake da zogale da ƙwai su riƙa shigowa. Sannan tafiya mai sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, ko da zagayen tsakar gida ne bayan cin abinci. Tsokar da take aiki tana jan sukari ba tare da jiran insulin mai yawa ba, saboda haka tafiyar tana amfani ko sikeli bai motsa ba.

Za ki gane ana samun ci gaba idan tazarar ta fara raguwa, daga kwana 90 zuwa 60, zuwa 40. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar farko ta kowace al'ada. Tsinken gwajin fitar ƙwai na fitsari kada ki dogara da shi sosai, LH yake aunawa, kuma a masu PCOS yakan zauna a sama, sai ya yi ta nuna layi biyu alhali babu abin da ya fita.

Abu ɗaya ne ba na so ki yi wa sakaci. Jini ba ya taruwa, amma shimfiɗar mahaifa tana ci gaba da kauri, don sinadarin istirojin yana gina ta babu furojestaron da zai tsayar da ginin. Shi ya sa bayan dogon shiru wasu suke ɓallewa da jini mai yawa da gudaji har sati biyu ko uku. In aka bar haka shekara da shekaru, haɗarin kansar shimfiɗar mahaifa yana ƙaruwa. Saboda haka duk lokacin da kika kai kwana 90 babu al'ada, ki yi gwajin ciki, in babu, ki je a ba ki ƙwayar furojestaron ta kwana 10 zuwa 14 don shimfiɗar ta zubo. Kada a ce miki ciki ne ya kwanta ki zauna jira.

Tunda haihuwa kike nema kuma an shekara uku, ba sai kin gama rage nauyi za a fara duba sauran abubuwa ba. Maigida ya yi gwajin maniyyi, ke kuma a duba hanyoyin ƙwanki. In duka lafiya, maganin da ake fara bayarwa yanzu don ƙwai ya fita shi ne letirozol, na kwana biyar a farkon al'ada, likita yana bin girman jakar da sikanin. Kada ki saya da kanki a kemis. Folik asid dai, bitamin ɗin da ake ba masu ciki da masu neman ciki, ki fara sha tun yau, don ƙwai yana iya fita a watan da ba ki zata ba.