Lissafin Adashi a Jadawali: Zubi, Kwasa da Sauran Bashi

Tambaya: Ni ce uwar adashin mutum 10, kowa na zuba naira 20,000 duk wata, kuma littafina ya fara rikicewa. Shin in sayi manhaja ta musamman, ko kuwa jadawali zai wadatar?

Amsa: Hajiya, kada ki kashe ko sisi, domin Google Sheets kyauta ne kuma yana aiki a waya. Shawarata ita ce ki riƙa rubuta adadin kuɗi a kowane gida maimakon alamar “ta biya” ko “ta kwasa”, saboda a wurin cikon da bai cika ba rigima take ɓuya.

Ki jera sunaye a layin tsaye na A, daga gida na 2 zuwa na 11, ki ware B zuwa K ga watanni goma. L zai tara zubin kowa, a M kuma ki rubuta abin da kika damƙa wa mai kwasa. Ki sa 20000 a Q1, lambar watan da ake ciki a Q2, sannan ki rubuta waɗannan a L2, N2 da O2 bi da bi, ki kwafe su zuwa ƙasa:

```
=SUM(B2:K2)
=$Q$1*$Q$2-L2
=$Q$1*10-M2
```

N yana nuna bashin da ake bin mutum, O kuma abin da shi yake bin adashi. Alamar $ ce ke hana Q1 da Q2 zamewa yayin kwafa, kada ki bar ta.

A ce an shiga wata na 4, lokacin da ya kamata kowa ya zuba 80,000 jimilla, sai wata ta kawo 10,000 kawai maimakon 20,000 na wannan watan. N ɗinta zai nuna 10,000, ita kuwa mai kwasar watan, da aka miƙa wa 190,000, O ɗinta zai nuna 10,000 har ranar da aka cika mata. Wanda layi bai zo kansa ba, O ɗinsa zai nuna 200,000. Wadda za ki fi sa wa ido ita ce mai sifili a O amma da bashi a N, domin ta riga ta ci nata.

Kafin ki rufe lissafin wata, ki gwada wannan:

```
=SUM(L2:L11)-SUM(M2:M11)
```

Dole sakamakon ya yi daidai da kuɗin da ke hannunki. Idan sun saɓa, ki fara neman gidan da aka haɗa lamba da kalma, kamar “20000 naira”, domin SUM yana tsallake shi ba tare da gargaɗi ba. Za ki gane shi da cewa ya jingina hagu, alhali lambobi suna dama. Mai hannu biyu kuwa, ki ba ta layi biyu a cikin goman, kowanne da watan kwasarsa.