Shin zan rasa mabiyana idan na canza sunan shafina?

Tambaya: Ina sayar da atamfa a Instagram, ina so in canza sunan shafin. Shin mabiyana za su tafi?

Amsa: Hajiya, mabiyanki ba za su ragu saboda canjin ba, domin Instagram yana ɗaure su ne da lambar asusu, ba da sunan da ake gani ba, hotuna da saƙonni ma suna nan.

Matsalar tana wajen adireshi. Idan kin koma daga @tsohonsuna zuwa @sabonsuna, duk wanda ya latsa instagram.com/tsohonsuna da kika buga a leda ko kika tura a WhatsApp zai tarar babu shafin, domin ba a karkatar da mutane zuwa sabon.

Abin da ya fi damuna shi ne sunan da kika saki yana iya faɗawa hannun wani. Ɗan damfara zai kwafe hotunanki, ya ɗauki sunan, ya sa lambar asusun bankinsa, tsofaffin abokan cinikinki kuwa su tura kuɗi suna zaton ke ce, tunda sunan da suka saba da shi ne. Sau da yawa ba za ki sani ba sai wata ta kira tana neman kayan da ba ki karɓi kuɗinsu ba.

Saboda haka, ki sanar mako guda kafin canjin, sannan ki buɗe asusu na biyu ki riƙe tsohon sunan da zarar ya samu, ki rubuta a kansa inda kika koma.