Kabon-14 ya rage kashi 30, amsata ta ƙi zuwa daidai

"Salam 'yan uwa dan Allah a taimaka min. An ce katako ne kabon-14 ɗinsa ya rage kashi 30 cikin ɗari, haf-layif shekara 5730, a nemo shekarunsa. Ni 4,322 nake ta samu amma amsar da ke bayan handawut wajen 9,950 ce. Sau huɗu ina yi, kuma ran Litinin muke da tes."

Wa alaikassalam ƙanena. Wallahi ina ganin 4,322 ɗin nan gabana ya faɗi, don na san madannin da ka taɓa a kalkuleta. log ka danna maimakon ln. Shi ne ya ja min kari-oba, har yau in na tuna raina sai ya ɓaci.

Mu namu kashi 20 ne ya rage. Handawut ɗin da lakcaran ya sa muka saya, fomular da log aka rubuta ta, kuma wajen fotokwafi 2.303 ɗin da ke gabanta ya yanke a gefen takarda, haka na haddace ta a gurgunce ban sani ba. Na kwana ina bita, da asuba na hau bas daga Kawo cikin hazo ina ta maimaitawa a baki. Na samu 5,777 har na ja masa layi biyu a ƙasa don murna. Ranar da aka dawo da takardu mutumin nan ya ɗaga tawa a gaban aji ya kira lambata, ya ce in miƙe, wai in faɗa wa jama'a yadda abu zai koma kashi 20 a lokacin da ya kamata a ce rabi kawai ya tafi. Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa ina tsaye gwiwata na rawa. Sifili ya ba ni a tambaya mai maki 15 alhali duk matakan daidai suke. Na bi shi ofis da handawut ɗin a hannu ina nuna masa inda ya yanke, ko kallon takardar bai yi ba, ya ce in fita in ja masa ƙofa. Sau uku ina komawa. Da maki 4 na faɗi kwas ɗin, na rasa bakin da zan faɗa wa Baba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne tambayar da ya yi min a gaban mutane ita ce ainihin darasin, da ya koya mana ita a allo da ba wanda zai faɗi.

To darasin ke nan, kafin ka taɓa kalkuleta ka yi ta rabawa biyu da ka. Bayan shekara 5730 saura kashi 50, bayan 11,460 saura 25. Naka 30 yana tsakaninsu kuma ya fi kusa da 25, ka ga dole amsa ta faɗo tsakanin 5730 da 11,460, ta karkata wajen ta biyun. 4,322 ko haf-layif ɗaya bai kai ba, a wannan lokacin abin da ya rage ya fi rabi, daga nan ka san akwai matsala tun kafin ka leƙa bayan handawut.

Yanzu lissafin, fomula biyu ce kawai:

```
k = 0.693 / t½
ln(N₀/N) = kt
```

k ɗinka 0.693 a raba da 5730, zai ba ka 0.000121 a shekara. N₀ ka ɗauke shi 100, N kuma 30, ba sai an ba ka giram ba. Dalili kuwa a irin wannan lalacewar da ake kira fas oda abin da ke lalacewa a kowane lokaci gwargwadon abin da ya saura ne, ko da buhu ka fara ko da cokali rabinsa zai tafi a lokaci iri ɗaya, shi ya sa kason kaɗai ya ishe ka. 100 a raba da 30 ya ba da 3.333, ka danna ln ka samu 1.204, ka raba da 0.000121, ga 9,950 nan ta fito. Kai da ka danna log 0.523 ka samu, shi ya kai ka 4,322. In ka ninka 0.523 da 2.303 zai dawo 1.204 ɗin, wato in dai log za ka yi amfani da shi to 2.303 ba ya rabuwa da shi. Ni dai tun lokacin na daina, ln kawai nake dannawa. Kuma kar ka gutsure k zuwa 0.0001 don sauri, 12,040 za ka samu, ka tsallake katangar 11,460.

Wani abu da na ga yana kayar da yara sosai, yanzu da nake ɗan koyar da lesin a Tudun Wada da yamma, shi ne fassara tambayar a ka. "Ya rage kashi 30" daban, "ya ragu da kashi 30" daban, wasali ɗaya da kalmar "da" ne suka raba su amma shekara dubu bakwai ce a tsakani. In kashi 30 ne ya lalace to N ɗinka 70 ne, ln na 100/70 shi ne 0.357, amsa ta koma wajen shekara 2,950. Dan Allah ka karanta jimlar sau biyu ka tambayi kanka, wanda ya saura aka ba ni ko wanda ya tafi? Akwai wata yarinya kuma da ta ce tunda 30 ya ci kashi huɗu cikin biyar na hanyar 50 zuwa 25, sai ta ƙara huɗu bisa biyar na 5730 ta samu 10,314. Tunaninta ya burge ni amma lalacewar ba a miƙe take tafiya ba, da farko tana sauri sai ta dinga lafawa yayin da abin ke ƙarewa, don haka rabawa biyu na kewaye amsa ne kawai, ln ne zai ba ka ita.

In sun juya tambayar suka ba ka shekaru suka ce ka nemo abin da ya rage, ka gwada da kwalekwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987, wanda aka auna shi wajen shekara 8,000. 8,000 a raba da 5730 haf-layif 1.4 ke nan, ka ɗaga 0.5 zuwa 1.4 a kalkuleta ka samu 0.38, kashi 38 ya saura, kuma ka ga yana tsakanin 50 da 25 yadda ya kamata. Da wannan nake fara wa yarana, don ni lokacin da ake koya mana ko sau ɗaya ba a ce mana abin ya shafi ƙasar nan ba, alhali ga Nok nan a jiharmu ta Kaduna, inda aka tono tsoffin mutum-mutumin yumɓu. Can ma ba yumɓun mutum-mutumin ake aunawa da kabon-14 ba, gawayin da aka samu tare da shi ne, don sai abin da ya taɓa rayuwa yana shan kabon, itace ko ƙashi ko hatsi, agogon kuma yana fara lissafi ne daga ranar da ya mutu. In ya haura shekara 50,000 abin da ya saura bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, aunawa ta yi wuya, to in ka ga amsarka ta kabon-14 ta fito miliyoyi ka koma ka duba k.

Ka duba handawut ɗinka yau ɗin nan ko naku ma 2.303 ɗin ya yanke, in haka ne ka sanar da 'yan ajinku kafin Litinin, kar a yi musu abin da aka yi min. Ka yi ta kashi 20 ɗin nan tawa ka turo min abin da ka samu, ya kamata ta zo wajen 13,300. Ina nan bayan Isha'i. Allah ya ba da sa'a.