An cire mini kuɗi a albashi ba bayani: me zan rubuta musu?

Tambaya: Malam, albashina 150,000 ne. Kowane wata ana cire harajin 10,500 da fanshon 12,000, sai 127,500 su shiga hannuna. Wannan watan haraji da fansho suna nan yadda suke, amma 113,864 na gani, kuma a takardar albashi an ƙara layi guda mai cewa “sauran cire-cire: 13,636”. Na tambayi akanta, ya ce haka na'ura ta fitar. Ina son su ba ni bayani dalla-dalla a rubuce. Ina da wannan haƙƙin? Yaya zan nema ba tare da na jawo wa kaina matsala ba?

Amsa: Malama, kina da haƙƙi, kuma amsar da akanta ya ba ki ba ta wadatar ba. Na'urar lissafin albashi ba ta ƙirƙiro layi da kanta. Wani ne ya shigar da adadin, ko ya shigar da bayanin da ya haifar da shi, kuma akwai takardar da ya dogara da ita. Wannan takardar kike nema.

Kafin ki rubuta komai, ki zauna da adadin, domin sau da yawa shi yake fara tona asirin kansa. Biyan rance ko kuɗin adashen ma'aikata yawanci cikakken adadi ne, kamar 10,000 ko 15,000. Kuɗin ƙungiyar ƙwadago kuwa kan zama wani kaso na albashi, kuma yakan zo kowane wata. Naki bai yi kama da ko ɗaya ba. To, ki raba albashinki da yawan kwanakin da ma'aikatu suka saba ƙidaya wa wata. In an raba 150,000 da kwana 30, kowace rana 5,000 ce. In da kwana 26 ne, 5,769. In kuma da kwanakin aiki 22 ne, 6,818. Ki ninka wannan na ƙarshe sau biyu, za ki ga 13,636 cif. Don haka zatona mafi ƙarfi shi ne an rubuta miki fashin aiki na kwana biyu, an yanke ladansu. Zato ne, kada ki ɗauke shi tabbas, amma ya nuna miki inda za ki fara dubawa. Ko akwai ranakun da kika yi jinya takardar likita ba ta kai sashen kula da ma'aikata ba? Ko hutun da shugabanki ya amince da baki, ba a rubuta ba? Ko ranar da aka aike ki aiki waje ba ki sa hannu a rajistar zuwa ba? Irin wannan yankan yakan zo da jinkiri, saboda ana rufe lissafin albashi kafin wata ya ƙare. Ki duba har ƙarshen watan da ya gabata.

Akwai wani abu a lissafinki da ya fi damuna. Idan da gaske ladan kwana biyu aka yanke, to abin da kika samu a watan ya koma 136,364. A tsare-tsare da yawa, haraji yana bin abin da ma'aikaci ya samu ne, saboda haka ya kamata shi ma ya ɗan ragu. Naki bai motsa ba. Ke nan ko dai an cire miki haraji a kan kuɗin da ba ki karɓa ba, ko kuma yankan ba na fashi ba ne, wani abu ne da ake cirewa bayan haraji, kamar dawo da kuɗin da aka biya ki fiye da ƙima a baya, ko diyyar kayan aikin da suka lalace. Wannan tambayar lallai ta shiga takardarki.

Game da haƙƙi, Yarjejeniya ta 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1949, wadda ta shafi kare albashi, ta ce a sashe na 8 ba a yanke albashi sai bisa sharuɗɗa da iyakar da dokar ƙasa, ko yarjejeniyar ma'aikata da masu aiki, ko hukuncin sasanci ya tanada, kuma dole a sanar da ma'aikaci waɗannan sharuɗɗan. Shawara ta 85 da ta zo tare da ita ta ƙara da cewa a duk lokacin biya a nuna wa ma'aikaci jimillar albashinsa, da abin da aka cire da dalilinsa, da abin da ya rage. Ta kuma ce in yankan na asara ne ko ɓarnar kaya, sai an tabbatar laifin ma'aikacin ne, an kuma ba shi damar kare kansa. Yarjejeniyar tana ɗaure ƙasashen da suka amince da ita ne kawai, don haka abin da za ki riƙe a hannu shi ne dokar ƙwadago ta ƙasarku da takardar ɗaukarki aiki. Ki karanta sashen da ya yi magana a kan albashi, musamman duk wurin da kika sa hannu kan amincewa da cire kuɗi.

Takardar ta zama gajeriya, babu zargi a cikinta. Ki aika wa sashen albashi, ki ba sashen kula da ma'aikata kwafi:

“Ranka ya daɗe, a takardar albashina ta watan nan an cire 13,636 a ƙarƙashin ‘sauran cire-cire’. Ina roƙon a ba ni bayani a rubuce: na mene ne kuɗin, yadda aka lissafa su, ranakun da abin ya shafa, wanda ya ba da izini, da sashen doka ko na takardar aikina da aka dogara da shi. A kuma sanar da ni ko sau ɗaya ne ko za a ci gaba da cirewa, da abin da ya saura in akwai, da yadda aka lissafa harajin watan. Ina fatan samun amsa kafin a rufe lissafin albashin wata mai zuwa. Ban amince da wannan yankan ba tukuna sai na ga bayanin.”

Ki haɗa da kwafin takardun albashi biyu, ta wannan watan da ta wanda ya wuce. In da hannu kika kai, a buga miki hatimi da kwanan wata a kwafinki. In ta imel ne, ki adana shi a inda ba sai da asusun wurin aiki za ki iya buɗewa ba. Kada ki rubuta zatonki na kwana biyu a ciki. Ki bar su su faɗi dalilinsu, sannan ki gwada da naki lissafin.

Tambayar “sau ɗaya ne ko za a ci gaba” ita ce mutane suka fi mantawa, kuma ita ta fi tsada. In an shigar da yankan a matsayin na kowane wata, zai ci gaba da fita har sai wani ya dakatar da shi da hannu.

Idan sun amsa cewa kuskure ne, ki nemi su rubuta adadin da za a dawo miki da ranar biya, ki kuma duba cewa ya fito a layinsa daban a takardar albashi. Idan kuma aka miƙo miki wata takarda ki sa hannu cewa kin yarda da yankan, kada ki sa nan take. Ki karɓi kwafi ki karanta a natse, domin sa hannun na iya rufe miki ƙofar ƙorafi. In wa'adin ya wuce shiru, ki sake rubutawa ki ambaci takardar farko da kwanan watanta, sannan ki kai maganar ga wakilin ƙungiyarku ko ofishin ƙwadago na gwamnati. Kada ki ja lokaci a nan, domin a wasu ƙasashen wa'adin shigar da ƙorafi kan albashi watanni kaɗan ne, kuma yana iya fara ƙirguwa tun daga ranar da aka yi yankan.